Kalma biyu da na yar sun ci wa Yayana naira dubu 38

1/ Jama'a ku matso, yau zan tona wa kaina asiri. Labarin yadda na fassara wa Yayana takardar hayar shago daga Turancin lauyoyi zuwa Hausa ne, na yar da kalma biyu kacal, kuma suka ci masa naira dubu 38 a tsakiyar azumi. In kai ne "mai boko" na gidanku da ake miƙo wa takardu, zaren nan naka ne.

2/ Mu 'yan Achilafiya ne, ƙaramar hukumar 'Yankwashi a masarautar Kazaure. Yaya tela ne. Ya gaji da ɗinkin ƙauye da bashin 'yan uwa, ya samu shago a cikin garin Kazaure. Haya naira dubu 120 a shekara, daga 1 ga Afrilu 2024 zuwa 31 ga Maris 2025.

3/ A wajenmu an saba haya da baki ce. Shaidu biyu, a yi addu'a, a ba ka makulli. Amma mai wannan shagon ɗansa ya kai shi wajen lauya, sai ga takarda shafi huɗu, Turanci zalla, jimla ɗaya ta cinye layi tara babu aya. Yaya yana karanta Hausa da ajami sarai, amma wannan ko mai digiri sai ya yi gumi.

4/ Lokacin ina aji biyu a fannin shari'a a Kano, kaina na hayaƙi. Ya turo min hotunan takardar, ya bi da saƙon murya: "Barista, duba min wannan, ka faɗa min da Hausa abin da ke ciki." Cikin minti arba'in na gama. Na taƙaice shafi huɗu zuwa layi goma sha biyu, har ina jin daɗin kaina.

5/ Sakin layi na 7 shi ne na sabunta haya. In aka juya shi kalma da kalma, ga abin da ya ce: "Idan ɗan haya yana son ƙarin wa'adi, kuma ya sanar da mai shago hakan a rubuce aƙalla wata uku kafin ƙarewar wa'adi, kuma muddin ya biya haya ya cika sharuɗɗan da ke kansa, to mai shago zai ba shi ƙarin shekara guda a kan kuɗin da ƙarinsa ba zai wuce kashi 10 cikin 100 ba."

6/ Ni kuma abin da na rubuta wa Yaya: "In kana son ci gaba da zama, ka gaya wa Alhaji wata uku kafin lokaci ya cika, ba zai ƙara maka fiye da kashi 10 ba."

Ku sake karantawa. Ya yi daɗin ji ko? "A rubuce" ta faɗi a hanya.

7/ Yaya ya yi abin da na ce. Tun cikin Disamba, bayan sallar la'asar, ya tari Alhaji a ƙofar masallaci ya ce yana so ya ci gaba. Alhaji ya ce "Allah ya kai mu." Shi ke nan. A Hausa kuwa kowa ya san "Allah ya kai mu" ba e ba ce, ba a'a ba ce.

8/ Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris, aka yi Sallah 30 ga Maris. Wa'adin shago 31 ga Maris. Ku auna tela a wannan watan: shadda da atamfar mutane jibge har silin, yara uku suna kwana a kan keke. A sati na biyu na azumi ɗan Alhaji ya zo ya ce wani ya taya shagon dubu 170. Ko Yaya ya biya haka, ko ya nemi wuri.

9/ Yaya ya ce ai akwai maganar kashi 10, wato dubu 132. Yaron ya buɗe takarda ya ɗora yatsa a kan layin: ina wasiƙar da ka rubuto? Babu. Na kai maganar wajen wani lauya da nake zuwa ofishinsa lokacin hutu, ya karanta ya ce sharaɗin sabuntawa irin wannan kotu kan so a cika shi yadda aka rubuta, kuma shari'a a kan maganar ƙofar masallaci za ta ci fiye da abin da ake gardama a kai.

10/ Manya sun sa baki, amma kuɗin bai sauka ba. Yaya ya biya dubu 170. Bambancin dubu 38 ne. Bai taɓa ce min komai ba, sai dai tun daga ranar ya daina kirana Barista na kusan wata biyu, wanda wallahi ya fi zagi ciwo.

11/ Bayan Sallah na zauna na sake aikin daga farko, sakin layi bayan sakin layi. Ya ɗauke ni kwana uku. Abin da na fara ganewa shi ne na rikita abu biyu: taƙaitawa da sauƙaƙawa. Mai taƙaitawa yana zubar da abin da yake ganin ƙarami ne. Mai sauƙaƙawa ba ya zubar da komai, jimlar kawai yake karyawa. Sabuwar Hausar da na yi ta fi Turancin tsawo, shafi biyar ta ci.

12/ Yanzu duk sakin da na ɗauka, kafin in rubuta ko harafi ɗaya na Hausa sai na yi masa tambayoyi a gefen takarda. Wa aka ɗora wa? Me zai yi? Yaushe? Ta wace hanya? Akwai togaciya? In bai yi ba me zai biyo baya? A sakin sabuntawa, tambayar "ta wace hanya" ce ban yi ba.

13/ Ga yadda na 7 ya koma:

"Kana da damar ƙarin shekara guda. Don ka same ta, dole ka rubuta wa mai shago takarda cewa kana so. Dole takardar ta isa gare shi aƙalla wata uku kafin 31 ga Maris. Dole kuma ya zama ka biya haya, ka cika sauran sharuɗɗan da ke kanka. In ka yi duk wannan, dole ya ba ka, kuma ƙarin kuɗin ba zai wuce kashi 10 cikin 100 ba."

14/ Ku lura na maimaita "dole" sau huɗu. Malamin Hausa zai ce ya yi nauyi a baki. Ba komai. Turancin yarjejeniya yana da kalmar wajibi, yana da kalmar zaɓi, kuma duk takardar a kansu take tsaye. A fassarata ta farko na yi ta zuba "ya kamata". To "ya kamata" nasiha ce. Ya kamata mutum ya ziyarci gwaggonsa, amma ba wanda ke kai shi kotu in bai je ba.

15/ Don haka na tsayar wa kaina ƙa'ida: wajibi "dole", hani "ba a yarda ba", zaɓi "yana da dama, in ya so". Ban canza su ko sau ɗaya don gudun maimaici. Haka sunayen mutane. "Mai shago" da "ɗan haya" daga farko har ƙarshe, domin da zarar ka rubuta "sai ya biya shi kuɗinsa", Hausa ba ta gaya maka wane ne "ya" wane ne "shi".

16/ Sai maganar "wata". Wannan ba a koya mana a aji ba. Takardar tana nufin watan Bature. Amma ka ce wa Baba ko Kawu "wata uku", lissafinsa na iya tafiya kan Rajab, Sha'aban, Ramadan. Shekarar Musulunci kuma ta gaza ta Bature da kwana goma ko sha ɗaya. Wata uku na sama ba su kai wata uku na kalanda ba, kuma kwana biyu sun isa su fitar da mutum daga wa'adi.

17/ Maganinsa: ka rubuta "watan Bature", sannan ka sa ainihin ranar. Na ƙara layi a ƙasa: "Wato kada ta wuce ƙarshen Disamba." Da baki kuma na ce wa Yaya ya kai tun farkon watan, kada a tsaya gardamar ko ranar ƙarshe tana cikin lissafi. Amma wannan shawara ce tawa, ban cusa ta cikin fassarar ba. Zan dawo kan wannan.

18/ Sakin da ya fi ba ni wahala shi ne na gyara, na 4. Kalma da kalma: "Ɗan haya zai kiyaye cikin wurin, haɗe da ƙofofi da tagogi da makullai da kayan wuta, cikin kyakkyawan hali da ya dace da zama, ban da tsufa na yau da kullum da ɓarnar gobara ko guguwa, kuma ya miƙa shi a haka a ƙarshen wa'adi."

19/ Fassarata ta farko: "Gyaran shago a kanka yake." Kalma biyar. Ku ga ɓarnar da ke ciki. Takarda ta ce CIKIN wurin, ni na ce shago gaba ɗaya. Wani sakin can gaba ya ɗora rufi da bangon waje a kan mai shago. Da iskar farkon damina ta yaye kwano, da Yaya ya sayi kwano da kuɗinsa, yana ganin haƙƙinsa ne.

20/ Na kuma yar da togaciyar, wato "ban da". A takardar haya, abin da ya zo bayan "ban da", "sai dai", "muddin" da "amma" yakan fi abin da ya gabace shi tsada. Can ne ake ɓoye sauƙin da aka yi maka, can ne kuma ake ɓoye tarkon.

21/ Sabon na 4:

"Dole ka kula da cikin shago: ƙofofi, tagogi, makullai da kayan wuta. In sun lalace, kai za ka gyara. Amma ba kai za ka gyara abin da ya tsufa don amfani na yau da kullum ba. Ba kai za ka gyara ɓarnar gobara ko guguwa ba. Ranar da za ka tashi, dole ka bar cikin shagon a gyare."

22/ Yaya ya tambaye ni, to mene ne tsufa na yau da kullum? Na ce fenti ya dusashe, daɓe ya side inda ake takawa, marfin ƙofa ya saki don shekaru: tsufa ne. Yaronka ya fasa gilashin taga, ko an haɗa dutsen guga da injin aiki a soket ɗaya ya ƙone: wannan ɓarna ce. Ya ce to ka rubuta haka a ciki mana.

23/ Na ƙi. Dalili: da zarar misali ya shiga jikin sharaɗi, mai karatu zai ɗauka jerin ya ƙare a nan. Ran da gara ta ci katakon taga, za a ce ai ba ta cikin abin da Barista ya lissafa. Sai na ja layi a ƙasan kowane saki na rubuta "Misali, ba ya cikin yarjejeniya". Duk abin da yake nawa ne, misali ko shawara ko gargaɗi, ƙarƙashin layin yake zama.

24/ Akwai wani jarabin da ya fi wannan. Na 5 ya ce ba a yarda ɗan haya ya ba wani hayar wurin ko wani ɓangarensa ba sai da izinin mai shago a rubuce, kuma mai shago ba zai hana izinin ba tare da dalili mai ma'ana ba. Da farko na rubuta "ba a yarda ka sa wani a shagon ba." Na mayar da ƙofa mai makulli ta zama bango.

25/ Abin ya shafe mu kai tsaye, don akwai mai aikin wuyan riga daga Roni da yake so ya kafa injinsa a lungun shagon yana ba Yaya wani abu duk wata. Shekara guda Yaya yana ce masa takarda ta hana. Ba ta hana ba. Cewa ta yi a nemi izini a rubuce.

26/ "Dalili mai ma'ana" kuma fa? Na so in fayyace shi, in ce kaza da kaza. Lauyan nan ya ce kul. Inda masu yarjejeniya suka bar magana a buɗe, kai ma ka bar ta a buɗe. In ka cike gurbin, ka rubuta musu sabuwar yarjejeniya ce da ba su sa wa hannu ba. In rigima ta taso alƙali ne zai auna dalilin, ba ɗan aji uku ba.

27/ Na 9 shi ne mai ban tsoro. Ya ce in haya ta kai kwana 21 ba a biya ba bayan lokacinta, ko an nema ko ba a nema ba, ko ɗan haya ya saɓa wani sharaɗi, mai shago yana da damar komawa wurinsa kuma hayar ta ƙare. "Ko an nema ko ba a nema ba" na nufin kada ka jira a aiko maka yaro. Agogo na tafiya ko Alhaji bai ce uffan ba.

28/ A nan na san abin da takardar ba ta faɗa ba. A Najeriya kotuna sun daɗe suna cewa mai gida ba shi da ikon fitar da ɗan haya da ƙarfinsa: ba ɓalle ƙofa, ba yaye kwano, ba watso kaya waje. Sai ya ba da notis, ya je kotu. A dokokin karɓar gida da aka saba da su, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata notis ɗin wata guda ne, mai biyan shekara wata shida, sannan a bi da na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara.

29/ Amma ku kula da wannan, don nan mutane ke ruɗewa. Hayar da aka yanka mata ranar farawa da ranar ƙarewa, irin ta Yaya, tana mutuwa da kanta ran da wa'adi ya cika. Ba a bin ka bashin wata shida. Na kwana bakwai ne ya rage, sai kotu. Shi ya sa "ai sai ya ba ni wata shida" da abokan Yaya suka yi ta zuga shi da ita ba ta da ƙafa.

30/ To ya zan yi da na 9? Zuciyata ta so in tausasa shi, in rubuta "mai shago zai iya kai ka kotu". Amma ba haka aka rubuta ba. Na fassara shi da kaifinsa yadda yake, sannan ƙarƙashin layi na sa: "Bayani: wannan bai ba shi ikon fitar da kai da hannunsa ba, doka ta ce sai ta kotu. In ya kai ga haka, ka ga lauya." Abin da takarda ta ce daban, abin da doka ta ce daban, kuma Yaya yana da haƙƙin sanin kowanne da sunansa.

31/ Kuɗin ajiya ma sai da na gyara. Dubu 20 ne. Na rubuta "za a dawo maka da shi in ka tashi". Takarda ta ce za a dawo da shi bayan an cire kuɗin gyaran ɓarna da bashin wuta. Ka ga kuwa yana da alaƙa da na 4: tsufa ba a cire masa ko sisi, ɓarna ana cirewa. Wanda ya yar da "ban da" a can ya yi asarar ajiyarsa a nan.

32/ Yadda na gwada aikin kafin in tura. Da farko lissafi: na ja layi ƙarƙashin kowace lamba da kowace kalmar sharaɗi a Turancin, na ƙirga, na nemo kowacce a Hausar. Da na yi wa tsohuwar fassarata haka, abin da na tarar ya ɓace ya fi wanda ya tsira. Kunya ta ishe ni ni kaɗai a ɗaki.

33/ Sai gwaji na biyu, wanda ya fi amfani. Na ba abokin ɗakina, ɗan Babura mai karanta kimiyya, Hausar kaɗai. Wata 'yar ajinmu kuma na ba ta Turancin kaɗai. Na yi musu tambayoyi iri ɗaya: iska ta ɗauke kwano, wa zai biya? An gaya wa mai shago da baki a Nuwamba, an sabunta? Haya ta yi kwana 15 a makare, hayar ta ƙare? Duk inda amsarsu ta bambanta, Hausata ce ke da rami.

34/ Sun saɓa a wuri ɗaya. Turancin ya ce haya ta ƙare in an ƙi biya KO an saɓa sharaɗi. Ni na rubuta "in ka ƙi biya, ka kuma saɓa sharaɗi". Ɗan Babura ya fahimci sai an haɗa biyun. "Kuma" ɗaya ta rage wa mai shago rabin haƙƙinsa. Kuskure ba kullum ɗan haya yake cuta ba, wani lokaci daɗi yake yi masa na ƙarya, har ranar da za a buɗe ta Turanci a gabansa.

35/ Domin ita ce ke da iko. Wadda aka sa wa hannu ita alƙali zai duba, tawa ba ta da wani matsayi. Shi ya sa a saman shafin farko na rubuta da manyan baƙaƙe cewa wannan bayani ne, yarjejeniyar ita ce ta Turanci. Na kuma bar lambobin sakin layi yadda suke, 7 a nan 7 a can, don Yaya ya iya ɗora yatsa shi ma.

36/ Wani zai ce me ya sa ba a rubuta ta da Hausa tun farko ba? Ni ma tambayata ke nan. Ba abin da ya hana mutum biyu su ƙulla hayarsu da Hausa, ko a yi ta harshe biyu a faɗi wanda za a bi in sun saɓa. Akwai ma tsohuwar dokar kare wanda bai iya karatu ba, da ke neman wanda ya rubuta wa irin wannan mutumin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, alamar ya karanta masa ya yi masa bayani. Na faɗa wa ɗan Alhaji maganar harshe biyu, ya ce zai tuntuɓi lauyansu. Har yau yana tuntuɓa.

37/ Sabuwar yarjejeniyar da Yaya ya sa wa hannu tana da sakin sabuntawa iri ɗaya. A satin farko na Disamba na rubuta masa wasiƙar, layi huɗu, kwafi biyu. Ya kai da kansa, ɗan Alhaji ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinmu, ya ɗauki hoto ya turo min.

38/ Mai aikin wuyan nan na Roni ma ya samu izininsa a rubuce, injinsa na nan a lungu ta hagu in ka shiga. Shafuka biyar ɗin kuma suna cikin leda a durowar keken Yaya, tare da risit da allurai. Ɗazu ya turo min wata takardar, ta maƙwabcinsa mai sayar da takalma, shafi shida. Na ce masa sai bayan jarrabawa.